Badi'a tela da hoton mai zaune

Badi'a ta yi shekara ashirin da shida tana taka keke a Ƙonni, bayan tashar Illela. Mijinta direban motar siminti ne a Malbaza, bai cika kwana gida ba. Ba ta da fara'a, kuma ba ta yarda da hoton waya ba, don ta ce masu ɗauka sun iya ɓoye abu.

In aka miƙo mata hoto, abu ɗaya take nema, wato inda rigar ta fara buɗewa. In ɗinkin ya yanke ƙarƙashin ƙirji sauran ya zuba sakwa-sakwa, ampir ce. In ta kama ƙugu ta yi ta faɗi sannu a hankali har ƙasa, mai siffar A ce. Wadda ta bi jiki ta sauka sambal ba buɗewa, furo. Wadda ta matse har gwiwa sannan ta baje kamar wutsiyar kifi, siren.

Ana saura sati biyu bikin Yasmin, ɗiyar Hajiya Saude ta Tsarnawa, suka zo da leshi yadi biyar da dangin ango suka aiko. Shi ke nan, babu wani. Hajiya ta riga ta ce ba za a ga ɗiyarta da matsattsiyar riga gaban surukai ba.

Hajiya ta miƙo hoton da Yasmin ta zaɓo a wayarta. "Ga ta, Badi'a, irin mai faɗin nan. Ki yi ta daidai yadda kika gani."

Matar hoton tana zaune bisa kujera, yadi ya bazu a ƙasa ko'ina. Badi'a ta ja hoton da yatsu biyu. Yadin ya ɗame a cinya, ko lanƙwasa babu. Mai siffar A in an zauna sakewa take yi a nan. Ga kuma layin ɗinki ya kewaye saman gwiwa, daga shi ne faɗin ya fara.

Ta dubi Yasmin. Yasmin tana duban silin.

"Amarya, ina wanda ta tsaya?"

"Shi ɗai na samu, Inna."

"Masu saida riga ba su sa hoto guda. Ja gaba in gani."

"Kuɗin wayar sun ƙare."

"Nawa ba su ƙare ba."

Hajiya ta gyara mayafi. "Mi a ciki, Badi'a?"

Badi'a ta san in ta yi shiru ta yanka, ranar gwaji ita za a ce ta ɓata leshin mutane.

"Hajiya, siren ce. In ta tashi, ko shiga mota sai an ɗaga ta."

Hajiya ta dubi ɗiyarta, ta gane dalilin kawo hoton mai zaune. Sannan ta ce a auna, ita da kanta ta riƙe bakin tef ɗin a ƙugu.

An ɗinka mai siffar A, ta zauna daidai. Yasmin ta sa ta ranar biki. Tun daga nan kayan ɗinkinta wurin telolin Illela take ƙetarawa da su, ƙawayenta huɗu ma suka bi ta.