Man Kifin Goggo

A gidan Goggo na zauna a unguwar Nima lokacin da nake makaranta. Ƙanwar babana ce, mijinta falken goro, kuma gidansu ne na siminti a layin da kowa ke cikin laka. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Ya fito da ɗan haske, shi ke nan Goggo ta ɗaura yaƙi da rana. Kullum tagoginsu a rufe. In za a fita sai a naɗe shi kamar dawo, a ɗora lema.

"Ɗana ba ɗan dako ba ne da zai gasu a tsakar gida," in ji ta.

Da aka yaye shi, abincinsa koko ne da shayi mai sukari. Madara wai ta taɓa ɓata masa ciki. Ƙananan kifin da ake ci har ƙaya kuwa, wai na 'yan hayan gidan ne.

Ni nake masa wanka, don haka ni na fara gani. Wuyan hannunsa ya yi kauri, haƙarƙarinsa ya jera ƙulle-ƙulle kamar carbi. Sa'o'insa suna gudu, shi yana rarrafe. Da ya samu ya miƙe, ƙafafun suka lanƙwashe waje, har ina hango ƙafar gado ta tsakaninsu. In ya taka sai ya yi kuka ya zauna.

Nan da nan malamai suka yawaita a layinmu. Wata ta ce goyo ne ya buɗe shi. Wata ta ce baki ne. Wani tsoho daga unguwar Kotobabi ya ɗaure ƙafafun da karare, yaron ya wuni yana ihu, aka kwance. Sai da aka gama duk wannan Goggo ta yarda muka hau mota zuwa asibitin yara, ni ce mai fassara, don Goggo ba ta jin yaren ma'aikatan.

Nas ɗin ta matsa wuyan hannunsa, ta ce ƙashinsa ne bai yi ƙwari ba, shi ya sa nauyin jiki ke lanƙwasa shi. Ta ce a bar shi ya sha rana, a ba shi madara da kifi mai ƙaya, ta miƙo kwalbar man hantar kifi: cokali ɗaya kullum, a baki. Ta ce yana ƙarami, ƙafar za ta iya gyaruwa, in aka daɗe kuwa sai ta ƙage haka.

Na fassara tsaf. Goggo ta ji tsaf. Muna isa gida ta shinshina kwalbar.

"Ƙafa ke ciwo ko ciki?"

"Goggo, cewa ta yi a sha."

"Ke da bokonki. Wa ya taɓa jin an sha man zafi? Miƙo min ƙafarsa."

Safe da yamma take shafe shi tun daga cinya. Man bai yi wa ƙashi komai ba, amma ya yi wa ɗakin. Zannuwan gado suka ɗauka, matasan kujera suka ɗauka, magen maƙwabta ta tare a ƙofarmu. Da mijinta ya dawo daga fatauci ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yaushe muka koma kasuwar kifi?"

Wata baƙuwa daga Kanda, unguwar masu hali, ta zo, ta ƙi zama, ta toshe hanci da gefen mayafi. Wannan ne Goggo ta kasa haɗiyewa. Washegari ta miƙo min yaron.

"Kai shi waje ya sha iska, kada ya kashe min kujeru."

Haka ɗan gata ya sauka tsakar gida da ɗan kamfai, cikin 'ya'yan 'yan haya. Akwai wata mai sayar da dokunu, tuwon masarar da ake ci da kifi, a ɗakin ƙarshe, ba ta iya ganin yaro zaune baki ba motsi. Kullum sai ta murje masa soyayyen kifi a tafin hannu.

"Ci, Alhaji ƙarami, kada uwarka ta gani."

Ni kuma, in zan mayar da kwalbar, sai in zuba masa cokali ɗaya a baki a ɓoye. Wari dai ya riga ya cika gidan, ba mai ganewa.

Abin ya ɗauki watanni. Kukan taka ƙasa ne ya fara tafiya. Damina ta zo ta wuce, ya soma bin kaji. Ƙafafun sun daɗe kafin su miƙe, ta hagun ma ba ta gama ba, kuma bai kamo sa'o'insa a tsawo ba. Amma da ƙafarsa ya je makaranta.

Goggo kuwa ta zama likitar layi. Duk wadda ta kawo ɗa mai lanƙwasasshiyar ƙafa sai ta ce, "Man kifi, 'yar uwa. Ki shafa da ƙarfi, kada ki saurari 'yan asibiti."

Ni nake raka su bakin ƙofa. A can nake faɗa musu sauran, da murya ƙasa-ƙasa. Wasu su ji, wasu su dube ni sama da ƙasa su ce, "To, 'yar makaranta."