Ranar da Na Karanta Takardar Mashin

Har gobe akwai masu cewa na yi wa dattijo rashin kunya a kasuwar Batsari. To, su yi ta faɗa. Ni dai na san abin da idona ya gani a takarda.

Shekarar da noma ya gagare mu a gonarmu ta wajen Ruma, maigidana ya ƙwallafa rai a kan mashin. Ya ce zai riƙa ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Batsari da Safana, mu samu na cefane. Ban ƙi ba. Saniya ɗaya na gada a wurin mahaifiyata, na sayar da ita dubu ɗari biyu, na ce a yi kafin alƙalami da su. Ita ke nan gare ni, ba ni da wata.

Dillalin da ke sayar da mashin ɗin abokin marigayi surukina ne, muna ce masa Baba Alhaji. Da yake ina koyarwa a firamare, ni ya ce in tsaya wa maigida, in sa hannu. Muka je, muka durƙusa muka gaishe shi, aka tambayi gida da yara da hidima. Sai ya turo takarda shafi uku da Turanci, ya ɗora biro a kai.

"Haya-facis ne, 'yata. Dubu ashirin da biyar duk sati. Mashin nasa ne, yau ma ya hau abinsa."

A wurinmu, babba in ya ba ka magana ya miƙo takarda, hannu kake sawa. Karantawa kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Na san haka sarai. Na ɗauki takardar na fara daga layin farko.

Maigida ya taɓa ni da gwiwar hannu. Na yi kamar ban ji ba.

"Baba, nan an rubuta farashin kuɗi hannu dubu ɗari tara. Haka ne?"

"Haka ne."

"Mu kuma sati arba'in da takwas za mu yi muna biya?"

Ya ce eh, yana kallon titi. Na juya bayan tafin hannuna na buga lissafi da bironsa. Biyan sati-sati ya kama miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. A haɗa da kuɗin saniyata, miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Tabɗi! Dubu ɗari biyar ke nan a kan farashin. Wannan ma da na haɗiye, don wanda ba shi da shi a hannu dole ya biya kuɗin jira. Shafi na uku ne ya tayar mini da hankali.

Na karanta da ƙarfi, ina fassarawa, don maigida allo ya yi, bai yi boko ba. Mashin na dillali ne har sai an biya kuɗin satin ƙarshe. In aka yi fashin sati uku, dillali zai ɗauke abinsa, duk abin da aka biya, har da kafin alƙalami, ya zama kuɗin haya. In an sace mashin, ragowar kuɗin na wuyan wanda ya ɗauki hayar da kuma wanda ya tsaya masa.

Ashe kalmar tana nan a bakinmu tun farko. Haya! Mun yi ta cewa haya-facis, haya-facis, ba wanda ya tsaya ya ji rabin farkonta.

"Baba, ka ce nasa ne. Takarda ta ce haya ce. Wanne za mu ɗauka?"

Masu zaman benci a ƙofar shago suka juyo suna kallonmu. Fuskar Baba Alhaji ta canza. Bai kalle ni ba, maigida ya fuskanta.

"Kai, ni da ubanka tare muka yi kiwo. Yau matarka ce za ta yi mini shari'a a shagona? Kowa haka yake sa hannu."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, girmanka na nan, ban taɓa shi ba. Amma hanyar Safanar nan kowa ya san in tsaro ya lalace ana yin sati uku ba a bi ta ba. A mayar da shi wata biyu, a rubuta, in sa hannu yanzu."

Ya ce takarda ba ta canzuwa.

Na juya ga maigida. Tsoro na ji a lokacin, ba zan ɓoye ba. In ya ce in sa hannu a gaban mutanen nan, ban san abin da zan yi ba. Mabuɗin mashin ɗin da Baba Alhaji ya riga ya ba shi na hannunsa, ya damƙe shi gam. Ya daɗe yana kallon mashin ɗin, sabo dal, leda ma ba a cire daga kujera ba.

Sai ya ce, "Malama, sake karanta mini wurin sati ukun nan."

Na sake, a hankali. Ya durƙusa, ya ajiye mabuɗin a gaban Baba Alhaji da hannu biyu.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Saniyar uwarta ce. Ba zan yi haya da ita ba."