Gwaggon da Mai Walda Ya Kashe a Takarda

Mai Walda gwani ne a aikin ƙarfe, amma a bayar da uzuri ya fi gwaninta. Duk ƙofar da ya ce gobe, to ka dawo wata mai zuwa. Da bakin nan ya yi aure, da shi ya tarbiyyantar da 'ya'ya biyar, bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai ga shi ya ci bashin banki ya sayi sabon injin walda, injin ne kuma jingina. Wata biyu bai biya ba, aka aiko masa da gargaɗi cewa za a ɗauke shi. Ya zauna a kan bencin shago ya cika shafi uku yana roƙon a sassauta masa. Ya yi wa manaja kirari, ya kwantar da kansa asibiti, ya kashe gwaggonsa, ya rufe da cewa zai biya nan ba da jimawa ba.

Ya kai wa ƙanwarsa, akantar wata makaranta, don ta buga masa. Ta karanta ta ajiye.

"Yaya, Gwaggon da ka binne ita ce fa ta tsaya maka. Ita za su fara kira a waya."

Ta tsare shi da tambaya har ya faɗi gaskiya, wadda a ganinsa ba ta da armashi ko kaɗan: ɗan kwangila ya karɓi tagogi bai biya ba, janareta kuma ya ƙone. Ta rubuta haka, da lambar bashin, da abin da ya makara. Da ta tambayi nawa zai iya biya, ya bugi ƙirji ya ce duka. Ta harare shi, ya sauko zuwa rabin biyan wata-wata, na wata huɗu, kowane biyar ga wata, daga nan ya koma cikakke. Ta haɗa da takardar kwangilar da rasit ɗin gyaran janareta. Rabin shafi kacal! Shi dai ya ce wannan busasshiyar takarda ba za ta ba kowa tausayi ba.

Banki ya amince, ya ƙara wa'adi, kuɗin ruwa ma ya ƙaru. Maimakon murna, tsoro ya kama bawan Allah, don tun da yake bai taɓa yin alkawari mai kwanan wata ba.

Ya bar zaman hira, ya dinga gama aikin mutane har suna tambaya ko lafiya. Ranar biyar ga wata ya riga mai gadi isa banki, ya miƙa kuɗin yana jiran a yaba masa. Mai karɓar kuɗi ta buga hatimi, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta kira na bayansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya koma shago ya kunna injinsa.