Yatsan Jummai

Idan ka ga Jummai Ya'u tana zaune, hannunta na dama za ka duba, ba fuskarta ba. Fuskar ba ta cika faɗin komai ba. Amma yatsan nan manuni ba ya hutawa: kullum yana zane a kan cinyarta, ko a kan benci, ko a gefen kwale-kwale. Da wannan yatsa ta shiga makaranta, kuma saura ƙiris ya fitar da ita.

Ɗiyar masunci ce, daga wata tunga ta bakin tafkin Kainji a ƙasar Ngaski. Firamarensu aji biyu ne da bishiyar mangwaro. Littafin rubutu kuwa Inna ke raba shi biyu da wuƙar gyaran kifi, rabi na Jummai, rabi na ƙanenta. Don haka malaminsu ya kafa doka, kuma Allah ya sani da kyakkyawar niyya ya kafa ta: lissafi a ƙasa ake yin sa da tsinke, idan amsa ta fito sai a ɗauke ta ita kaɗai a sa a littafi, a share ƙasar da tafin hannu. Wanda ya cika shafi da ƙwaƙule-ƙwaƙule, mai ɓarna ne. A haka Jummai ta tashi, tana ganin takarda kamar kwanon baƙi, ba a zuba mata sai abin da ya nuna.

Da ta sami makarantar kwana ta 'yan mata a Yelwa, ranar tafiya babanta Malam Ya'u ya ɗora akwatinta na ƙarfe a jirgin ruwa, ya faɗi magana ɗaya. "Ki ji ni, ɗiyata. Ran da suka ce ki maimaita aji, ki taho da akwatin ga, kin gama. In kin wuce, bar shi can." Ba fushi yake ba. Inna na fama da bandar kifi ita kaɗai, hannu ake nema a gida.

Makarantar nan daɓen siminti ce ko'ina, ba ƙasar da za a zana. Sai Jummai ta koma yi da yatsa, ba tsinke ba tawada, tana ganin lambobin a idonta ita kaɗai. Hausarta tana da karin harshen gida, duk ta buɗe baki sai an sami mai kwaikwayonta, shi ya sa ta rufe bakin ta huta. Ranar ziyara kowa na ƙarƙashin dalbejiya da kulolin abinci, ita tana bayan ɗakin kwana tana wankin da bai yi datti ba. Kaɗaici dai ta sha shi, ba ta kuma da wanda za ta ce wa ta sha.

A aji huɗu wani ɗan bautar ƙasa ne ke koya musu lissafi, shi kuwa bawan Allah duk gwajinsa na zaɓi ne, A ko B ko C ko D, ka zagaye ka wuce. Jummai ta yi ta ci. Ana saura 'yan makonni jarabawar ƙarshen shekara ya gama hidimarsa ya tafi, aka kawo Malam Yohanna, dattijo mai tabarau da igiya, wanda ya daɗe yana zuwa duba takardun jarabawar kammala sakandare. Shi ya tsara tambayoyi: kashi na farko na zaɓi, maki arba'in, kashi na biyu tambayoyi uku na warwarewa, maki goma-goma. Talatin ɗin da suka rage na gwaje-gwajen zango ne.

Ranar da aka maido takardu don kowa ya duba kafin a shigar da maki a babbar takardar sakamako, Jummai ta ga tata. Kashi na biyu sifiri uku reras. Tambaya ta biyu ce ta fi ƙona mata rai: jirgin ruwa ya yi kilomita ashirin da huɗu yana bin ruwa cikin awa biyu, ya dawo yana saɓa ruwa cikin awa uku, nawa ne gudun jirgin, nawa ne na ruwan? Ta rubuta goma da biyu. Malam ya warware a allo, goma da biyu suka fito. Amma a takardarta ga jan gicciye, a gefe kuma an rubuta da Turanci: "Wa kika kwafa?" Malamar da ta tsare su a ɗakin jarabawa ta ce ta ga hannun yarinyar yana ta motsi a ƙarƙashin tebur. Sunan Jummai ya shiga cikin waɗanda za a kai wa mataimakin shugaban makaranta. Hukuncin satar amsa sananne ne: a soke takardar ɗungurungum, wanda kuma ya faɗi lissafi sai ya maimaita. Wato akwati ya hau jirgi.

Ta je ƙofar ɗakin malamai, ta ji ana hira ana dariya a ciki, ta juyo. Ina! Bakin da ba ya iya neman aron guga, shi zai tsaya gaban malamai? Sai ta tuna darasin rubuta wasiƙar hukuma. Ta ciro falle biyu daga tsakiyar littafinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Adireshinta da kwanan wata a sama ta dama. Sunan malam ta hagu, a ƙarƙashinsa "ta hannun malamar aji", don ɗaliba ba ta tsallake malamar ajinta. Sai kan magana, ta ja masa layi. Ta fara da "Malam, ka yi kuskure", ta dubi kalmomin, kunya ta kama ta, ta soke. Ba faɗa ta zo yi ba, tambaya ta zo yi. Ga abin da ta rubuta da Turancinta, in an mai da shi Hausa:

"Malam, ina gaishe ka da aiki. Ni ce Jummai Ya'u ta aji huɗu B. Ina roƙon a taimaka a yi mini bayani a kan tambaya ta biyu a kashi na biyu. Na rubuta gudun jirgi kilomita goma a awa, gudun ruwa kilomita biyu, kuma shi na gani a allo da ka yi gyara. Amma an ba ni sifiri. Wataƙila akwai abin da ban sani ba, ina so in sani don kada in sake. Ban kwafi kowa ba. Idan ka yarda, a ba ni wata tambayar in yi a gabanka. Na haɗa da takardar jarabawata. Ɗalibarka mai biyayya."

Ta sa hannu, ta rubuta cikakken suna, ta kai wa malamar aji. Malamar ta karanta, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Ashe kina magana?" Ta sa hannu a gefe ta jefa a jaka.

Aka yi kwanaki ba labari. 'Yan ɗaki suna ta haɗa kayan hutu, Jummai na zaune bakin gado tana kallon akwatinta, ba ta san ko ta ɗaure shi ko ta bar shi ba. Ba wanda ya tambaye ta abin da ke damunta.

Ran Laraba aka ce Malam Yohanna na kira. Ta same shi shi kaɗai, wasiƙarta a gabansa. Ya sauya lambobin tambayar, ya tura mata takarda da biro, ya harɗe hannu. Jummai ta ajiye biron, yatsa ya sauka a kan cinya. Ya zana, ya share, ya zana. Ta ɗauki biro ta rubuta lambobi biyu.

Malam ya cire tabarau. "Ke! Mi kika yi yanzun nan da hannunki?"

Ta gaya masa zancen tsinke da ƙasa da littafin da ake rabawa. Bai yi dariya ba. Ya ce ta sake, amma a kan tebur, tana faɗa da baki. Ta faɗa: a raba nisa da lokaci, a sami gudun tafiya da na dawowa, jirgi da ruwa in sun haɗu su ne na farko, jirgi ban da ruwa shi ne na biyu, a haɗa layukan biyu ruwa ya fita, a raba biyu.

Ya jawo takardar rabon maki ya juya ta gabanta. "Duba nan. Maki biyu na fitar da gudun tafiya da dawowa. Huɗu na kafa layukan nan biyu. Biyu na warwarewa. Amsa kanta makinta biyu ne tak, kuma ba a ba da su sai an ga hanyar da ta haife su. Wanda ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe, takwas zai kwasa. Ke kin iso, amma ba sawu." Ya ƙwanƙwasa tebur. "Maki takwas kika zuba a cinyarki, yarinya, kika share."

"To Malam, tunda yanzu ka gani..."

"Na gani, amma sifirin na nan." Ya ce wanda zai duba takardarta a jarabawar kammala sakandare yana wani gari, bai san fuskarta ba, bai san tungarsu ba, ba zai kira ta ya dubi yatsanta ba. In ya ba ta makin yau, ya cuce ta gobe. Sannan ya ɗauki jan biro ya soke "Wa kika kwafa?", ya sa hannu a gefe. "Wannan kam laifina ne, ban tambaya ba na yanke. Zan je wurin mataimaki da kaina a cire sunanki." Ya haɗa abin da ya rage mata: ashirin da ɗaya na zango, talatin da ɗaya na zaɓi. Hamsin da biyu. Ta wuce, ko da yake ba da irin makin da ta saba ba.

Da za ta fita ya ciro damin tsofaffin takardun tambayoyi masu farin baya, ya ɗora mata a hannu. "Je ki ɓata su. Duka."

Ran Asabar ta shiga jirgin kasuwa. Ta zauna a gefe, damin a cinyarta, ya danne wurin da yatsan ya saba zane. Murna na cinta, ba kuma wanda za ta gaya wa a cikin jirgin nan cike da buhuna da mutane.

Malam Ya'u na bakin ruwa yana ɗinkin koma, ragarsa ta kamun kifi. Ya ga ta sauko, ya dubi hannunta, ya leƙa cikin jirgin, ya jira har aka gama sauke kaya.

"Ina akwatin?"

"Shina makaranta, Baba."

Ya ce, "To." Ya koma kan komarsa, amma zaren ya ƙi shiga allura.

Inna na tsaye a wurin banda, ta ji komai. Ta riga ta share gefen ɗaki inda akwatin zai zauna, har ta sa bulo biyu don kada ƙasa ta ci gindinsa. Ta ce, "Madalla, ɗiyata, madalla." Sai ta juya tana jera kifi ita kaɗai, tana goge ido da bakin zane, tana zagin hayaƙi.