Hotunan Hajjin Yaya

Yayana ma'ajin takardu ne a Madarunfa, kuma shi kaɗai na sani da ya mai da kwandon sharar ordinata, wato kwamfuta, rumbu. Ya lura cewa abin da aka goge yana zama a kwandon har sai an zubar, sai ya riƙa ɓoye hotuna ciki don yara. In yana so, ya maido su.

Da ya dawo Hajji, hotunansa duka suna kan kile USB, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa jikin na'ura. Ya soka shi, ya goge su don ajiya. Na'ura ta tambaya ko a goge ɗungum, ya danna i bai karanta ba. Ya buɗe kwando, wayam.

Ihunsa sai da aka ji shi har garin Ɗan Issa.

Na ce, “Alhaji, abin kile ba ya biyawa ta kwando. Amma yana nan ɓoye, muddin ba ka ɗora wani abu a kai ba.”

“Wa'azi kaɗai na zuba.”

Wa'azin ya cika kile maƙil, ya danne hotunan. Wani mai gyara a Maraɗi ya ceto guda ɗaya, hoton Yaya na barci a filin jirgi, baki buɗe. Shi ne yanzu rataye a falonsa.