Dubu Ɗari Biyu a Hannuna

Shekara tara na yi ina aikin ungozoma a Baure kafin wani asibitin kuɗi a Daura ya nemi in koma wurinsu. Na ce wa mai asibitin abin da nake so ya riƙa shigowa hannuna duk wata shi ne naira dubu ɗari biyu.

Akawunsa ya ce a irin wannan albashi, haraji da fansho da kuɗin asusun gidaje suna cin kusan kashi ashirin cikin ɗari. Nan take Alhajin, mai asibitin, ya ce, "To Malama, mun ɗora miki kashi ashirin ɗin. Dubu ɗari biyu da arba'in."

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga ɗari biyu da arba'in ɗin za a cire, ba daga ɗari biyu ba. Dubu arba'in da takwas za ta tafi, a bar ni da ɗari da casa'in da biyu."

Na jawo takarda na nuna masa. Abin da zan kai gida kashi huɗu ne cikin biyar na albashin. In huɗun nan ɗari biyu ne, kowane kashi hamsin ke nan, biyar ɗin kuwa ɗari biyu da hamsin.

Ya haɗe rai. "A kan dubu takwas kike wannan dogon turanci?"

Na ce kuɗin motata ne zuwa Baure duba mahaifiyata. Na ɗauki jakata na miƙe.

Ban kai bakin ƙofa ba ya ce wa akawun, "Rubuta mata da hamsin ɗin."