Bakin da Madubi Ya Zana

A ɗakin aikinmu ana kiransa Madubi, saboda wani ƙaramin madubin aski da ke jingine da kwamfutarsa. Mu masu yin katun ne. Ni nake ɗaukar muryoyin 'yan wasa, shi kuma ya zana bakin da zai faɗi maganar. Tebur ɗaya ya raba mu, don haka na sha kallo. Ga mutum da gemunsa da iyalinsa, ya wuni yana tura baki gaban madubi kamar mai shan magani mai ɗaci. Baƙo in ya shigo sai ya matso kusa da ni ya tambaya ko lafiya.

Da zanen allon shaguna ya fara neman abinci, sannan ya koyi katun a hannun wani da ya bar sana'ar tuntuni. Hannu yake da shi, amma a shekarun farko bai ɗauki baki a bakin komai ba. Akwai wani jadawalin siffofin baki da muka samo daga masu yi da Turanci, shi yake bi ido rufe. In aiki ya matse, sai ya bar manhaja ta riƙa buɗe baki tana rufewa gwargwadon ƙarfin murya. Na yi mita har na gaji. Ya ce yara ba sa kallon leɓe.

Sai 'yarsa ta fari, wadda muke kira Uwar Daɗi, ta kwanta zazzaɓi mai tsanani. Ta tashi, amma jinta bai tashi da ita ba. Tana magana tas, don ta iya kafin ciwon, sai dai ba ta jin ta kowa. Bakin mahaifiyarta take kallo ta tsinci abin da za ta iya tsinta. Shi kuwa uban, da yake yana son ta ji shi ko ta halin ƙaƙa, sai ya riƙa ɗaga murya. Ihu kuma yana lalata siffar baki, ya tamke goshi, ya fito da jijiyar wuya. Yarinya ba ta jin komai, fuskar mai faɗa kawai take gani. In ya shigo falo sai ta zame ta koma bayan labule. Ya faɗa mini haka wata rana da hantsi, yana jujjuya alƙalamin zanensa.

"Yaya, ta ɗauka fushi nake da ita don ta kurmance."

"To ka gaya mata ba haka ba ne."

"Ta ina? Ba ta kallon fuskata."

Tausayinsa ya kama ni, har na rasa abin tsokana, abin da ba kasafai yake faruwa da ni ba.

A lokacin muna kan wani gajeren fim: tsohon tela da jikarsa. Yarinyar ta ɓata masa yadi ta ɓuya a ƙarƙashin tebur, shi kuma ya durƙusa ya ce, "Fito mana, ba na fushi da ke." Ba Madubi ya rubuta labarin ba. Amma ranar da na miƙa masa muryar, ya saurara, ya sake saurara, sai ya cire jadawalin nan daga bango ya jawo madubinsa.

"Ce fito," in ji shi.

Na ce.

"Haƙorinki ya taɓa leɓe?"

"Me zai kai shi?"

"A jadawalin nan yana taɓawa. F ta Turawa ke nan. Tamu leɓe biyu ne ke matsowa kusa, iska ta bi tsakani, kamar mai hura shayi. Shekara da shekaru ina sa wa mutanena bakin da ba nasu ba."

Na ce masa barka da farkawa.

Daga nan ya bi jimlar daki-daki. A kan m ta mana da b ta ba, leɓe ya haɗe ruf, kuma ya bar shi a rufe na hoto biyu aƙalla cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su ba da motsi, don hoto ɗaya ido ba ya kama shi. Haka ɓ take, ba ta da wata siffa dabam. A kan a haɓa ta sauka, baki ya buɗe. A kan i ya miƙe gefe da gefe, haƙora su ɗan leƙo. A kan o ya zagaye, a kan u ya ƙara tsukewa ya turo gaba, shi ya sa a kalmar fushi leɓen ke fara tsukewa tun daga f, kafin a kai ga u. Su t da d da n da k kuwa aikin harshe ne a ciki, sai ya bar baki a ɗan buɗe ya wuce, don wanda ya ce zai zana wa kowane harafi bakinsa zai samu baki mai karkarwa. Wasali mai tsawo, irin na ba, ya riƙe shi ya daɗe. Sannan ya jawo duka siffofin su riga muryar da hoto ɗaya ko biyu, tunda baki yakan shirya kafin sauti ya fito.

Mai kamfani ya leƙo ya ga jimla ɗaya ta cinye kwanaki. Ya ce, "Malam, wa zai lura?" Madubi ya ce akwai. Mai kamfani ya san halin da gidan ke ciki, sai ya ja ƙofa a hankali ya tafi.

Da aka gama, matarsa ta kawo Uwar Daɗi bayan an tashi daga makaranta, da jakarta a baya. Yarinyar ta gaishe ni, ta gaida abokin aikinmu mai zana wuraren da ke cikin fim, ta zauna a kujerar da ta fi nisa da ubanta. Na kunna fim, na kai hannu zan ƙara sauti bisa sabo, sai na tuna, na janye hannuna cikin kunya.

Ta kalli tela yana ɗinki, ta yi dariya da jikar ta zubar da tawada a kan yadi. Da tsoho ya durƙusa, fuskarsa ta cika allo, sai ta daina kaɗa ƙafa.

"Anti, mayar baya."

Na mayar. Leɓenta na bin na tsohon. Ba duka ta kama ba, don baki ba ya nuna komai da komai. Na sake mayarwa.

"Ba na fushi," ta faɗa a fili. "Ya ce ba ya fushi da ita."

Uwarta ta gyaɗa mata kai. Yarinya ta matsa daf da allo ta ɗora yatsa a gefen bakin tela. Madubi yana da wani abu da duk muka saba gani har muka daina lura: in ya rufe leɓe, gefen hagu yakan riga na dama, ya ɗan karkace. A madubi ya kwafi kansa, ya zuba wa tsohon karkacewar ba tare da ya sani ba, sai dai ta koma ɗaya gefen.

"Wannan bakin Baba ne," ta ce.

Ta juyo ta dube shi, ido cikin ido, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ya buɗe baki, na ga ƙirjinsa ya cika zai ɗaga murya kamar kullum. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya saki numfashin, ya sauko daga kujera ya durƙusa daidai tsayinta, inda hasken taga ke kan fuskarsa. Ya faɗi jimlar a hankali, da muryar da ko ni da ke kusa da ƙyar na ji.

Ta kalli bakin har ya rufe. Sannan ta sauke jakarta ta taho.

"Sake faɗa, Baba. Kada ka yi sauri."